Taƙaita gajeren labari cikin sakin layi guda ba tare da ka cusa ra'ayinka ba: tambayoyi da amsoshi

Waɗanga tambayoyin su ne sunka fi yawan fitowa daga bakin ɗalibai a nan Sakkwato, 'yan sakandare da masu karatun malanta a kwalejin Shehu Shagari har da 'yan ajin farko na Ɗanfodiyo, duk randa anka ce masu ga gajeren labari nan ku taƙaita shi cikin sakin layi guda. Na jera su yadda sunka zo mani a rai, wasu amsarsu layi biyu ce wasu kuma sai mun ɗan zauna.

Malam, wai mi anka so in an ce taƙaita labari? Ba sake ba da shi ba ne da kalmomi kaɗan?

Kusan haka ne amma da sharaɗi. Abin da anka so shi ne wanda bai taɓa karanta labarin ba, in ya karanta sakin layinka, shi san wa anka yi labarin a kanshi, mi yake nema, mi ya tare mashi hanya, mi ya yi, kuma yaya anka ƙare. Abu biyar kenan. Abin da ba a so shi sani daga wurinka shi ne ko labarin ya yi maka daɗi, ko wane ne mai gaskiya, ko wane darasi ka tsinta. Wannan aikin sharhi ne, shi ma yana da wurinshi, amma ba nan ba.

To ta ina zan hwara?

Karanta sau biyu. Na farko karanta kawai, kar ka riƙa biro. Na biyu sai ka riƙa yin alama a gefen takarda duk wurin da wani abu ya canza, watau wurin da in ba don shi ba abin da ya biyo baya ba zai faru ba. A gajeren labari na shafi uku zuwa biyar da wuya waɗanga wuraren su wuce biyar ko shida, in ka ga alamominka sun kai goma sha biyar to kana yi ma duk motsi alama ne.

Daga nan kife takardar. Wanga matakin shi ne ɗalibai sunka fi tsallakewa, kuma shi ne ke hana kwafe, don muddin labarin na buɗe gabanka hannunka zai riƙa ɗauko jimlolin marubuci yana gutsure masu kai da wutsiya, ka ƙare da abin da ba naka ba kuma ba nashi ba. Rubuta amsar tambayoyin nan biyar daga kanka, kowace jimla guda, sannan ka buɗe ka duba sunaye da adadi da jerin abubuwan ko sun yi daidai.

Bayani ya yi yawa, a ba mu misali mana.

To ga wani labari da na ƙirƙira don wanga aikin, na matse shi don kar shi cinye mana wuri, ku ɗauka asalinshi shafi huɗu ne.

Lauwali manomin albasa ne a Gada. Labarin ya buɗe da shi zaune bakin rijiyar gona da asuba cikin hunturu, yana tuna yadda mahaifinsa ya koya masa dashe. Ba shi da kuɗin taki da man injin ban ruwa, sai ya je wajen amininsa Isa, ɗan kabu-kabu, wanda suka yi makarantar allo tare. Isa ya ba shi naira 200,000, kuɗin da yake tarawa don auren ɗiyarsa, suka yi da shi zai biya da an cire albasa. Albasa ta yi kyau, amma da aka cire kowa ya kai tasa kasuwa, farashi ya faɗi. Lauwali ya kwana yana lissafi, matarsa ta ce masa ya sayar ya biya mutane haƙƙinsu, ya ce ta bari. Ya zuba albasar a rudu, ya gaya wa Isa cewa gonar ba ta yi ba bana. Isa ya ce Allah ya mayar da alheri, ya sayar da babur ɗinsa aka yi biki, Lauwali ma ya je ya ci shinkafa. Ruwan farko ya zo da iska ya yaye rufin rudun, fiye da rabin albasar ya ruɓe. Ɗan Lauwali ya haɗu da Isa a hanya ya ce masa baba na can yana ta kwashe ruɓaɓɓiyar albasa. Isa ya je, ya naɗe hannun riga, suka wuni suna tsince mai kyau, da yamma ya ɗora buhu 4 a amalanke ya tafi, bai ce uffan kan bashi ba. A layin ƙarshe Lauwali na zaune a majalisarsu bayan Magariba da kofin shayi biyu, Isa bai zo ba.

Yanzu ga irin abin da ɗalibi mai ƙoƙari kan kawo:

"Wannan labari ne mai ban tausayi na wani maci amana mai suna Lauwali wanda ya yaudari amininsa Isa, bawan Allah mai haƙuri, ya cinye masa kuɗin auren ɗiyarsa saboda son zuciya. Allah da ikonsa sai asirinsa ya tonu, ruwa ya lalata albasar. Duk da haka Isa ya yafe masa. Lallai ramin mugunta a gina shi gajere."

Hausar ta yi daɗi, ba a musu. Amma tambayi wanda ya karanta wanga sakin layin, mi anka yi da kuɗin? Albasar wa? Don mi Lauwali bai biya ba? Bai sani ba, don an cika wurin da hukunci, abubuwan da sunka faru an bar su waje. Kuma akwai abin da ya fi haka muni, an ce Isa ya yafe, alhali babu inda labarin ya faɗi haka.

Ga kuma wanda zan ba maki:

"Lauwali, manomin albasa a Gada, ya karɓi bashin naira 200,000 a wajen amininsa Isa don ya sayi taki da man injin ban ruwa, bisa alƙawarin zai biya da zarar an cire albasa. Da aka cire sai farashi ya faɗi, saboda haka ya zuba albasar a rudu yana jiran ta yi tsada, ya kuma faɗa wa Isa cewa gonar ba ta yi ba. Isa, wanda ya tara kuɗin don auren ɗiyarsa, ya sayar da babur ɗinsa ya yi hidimar. Ruwan farko ya shiga rudun, fiye da rabin albasar ya ruɓe, kuma Isa ya ji labarin daga bakin ɗan Lauwali. Ya je ya taya Lauwali tsince mai kyau, ya ɗauki buhu 4 ba tare da ya yi maganar bashin ba. Labarin ya ƙare da Lauwali yana jiran Isa a majalisarsu bayan Magariba, Isa bai zo ba."

Jimla shida. Ku lura mai karatu zai iya jin haushin Lauwali da kanshi, ba sai mun ce mashi ya ji ba, don mun aje mashi alƙawarin da albasar da ke rudu da abin da anka faɗa ma Isa kusa da juna.

Amma ai gaskiya ce Lauwali ya ci amana. Faɗin gaskiya ma ra'ayi ne?

Wagga tambaya ita ce gishirin maganar. Akwai abin da labari ya nuna, akwai sunan da kai ka raɗa ma abin. Labarin ya nuna albasa ta yi, ya nuna Lauwali ya ce ba ta yi ba. Wannan kowa ya karanta zai yarda, ko da kuwa ɗan'uwan Lauwali ne. Amma "maci amana" hukunci ne kan mutumin ɗungurungum, kuma wani zai iya tashi shi ce a'a, mutumin nan niyyarshi shi biya in albasa ta yi tsada, tsoro ne da lissafin kasuwa sunka ja shi, duk wanda ya san yadda albasa ke arha lokacin cira ta kuma yi tsada in damina ta yi nisa ya san jarabar da ke ciki. Da zarar ana iya yin wagga gardamar kan kalmarka, to kalmar taka ce ba ta labarin ba.

Ga gwajin da nike ba ɗalibai. Ɗauki kowace jimla da ka rubuta, ka ce in an ce nuna mani da yatsa a ina anka faɗi haka cikin labarin, zan iya? Ya karɓi bashi, ga layin. Ya zuba a rudu, ga layin. Son zuciya, babu layi. Cire ta.

Kalmar "ƙarya" ma fa? Ita tana bakin iyaka. Tunda labarin da kanshi ya nuna abin da ya faɗa ba haka yake ba, in ka rubuta ya yi ma Isa ƙarya cewa gonar ba ta yi ba, ni ba zan rage maka maki ba. Amma "ya yaudare shi" ta ɗan matsa gaba don tana ɗauke da niyya, "ya cuce shi" kuma ta riga ta yanke shari'a. Aikatau ma suna ɗaukar ra'ayi, ba sifofi kaɗai ba, ga shi nan: ya karɓa, ya ƙwace, ya wawure, duk hannu ne ya kai ga abu, amma ba ɗaya ba ne a kunnen mai ji.

Na cire duk sifofin amma malam ya ce har yanzu akwai ra'ayina ciki. A ina yake ɓuya?

A cikin 'yan ƙananan kalmomin nan da bakinmu ya saba da su har ba mu jin fitarsu. Duba waɗanga:

"Lauwali wai gonar ba ta yi ba." Wagga wai ɗin ta riga ta taɓe baki. "Har ya je bikin ya ci shinkafa." Har ɗin nan cewa take ba shi da kunya. "Isa buhu 4 kawai ya ɗauka." Kawai ta yanke cewa ya ɗauki ƙasa da haƙƙinshi, alhali labarin bai gaya mana kuɗin buhu a lokacin ba, ƙila ma ya kai. "Ashe", "ai", "ko kunya babu", "abin mamaki", "cikin ikon Allah sai", "Allah sarki", duk 'yan gida ɗaya ne. A hira su ne ke sa labari armashi, kakanninmu da su sunka riƙe mu a tsakar gida har barci ya kwashe mu, amma a taƙaitawa su ne ƙofar da ra'ayi ke shigowa ta baya.

Sai kuma "saboda". Ita ta fi haɗari don kama take da hujja. Duk inda ka rubuta saboda, tabbatar labarin ne ya ba da dalilin. Na rubuta farashi ya faɗi saboda haka ya zuba a rudu, don labarin ya nuna shi yana lissafin farashi. Amma in ka ce Isa bai zo majalisa ba saboda fushi, kai ka ƙirƙiro dalilin. Wa ya sani, mutumin da ya sayar da babur, ƙila ƙafa ce ta yi mashi nisa.

In wani cikin labarin ne ya faɗi ra'ayi, shi ma in cire?

A'a, wannan abin da ya faru ne cikin labari, sai dai ka jingina ma mai shi. Matar Lauwali ta ce shi sayar shi biya mutane haƙƙinsu. In kana son saka shi, ka ce matarsa ta shawarce shi ya sayar ya biya, ya ƙi. Kar ka ce ya ƙi bin shawara mai kyau, don nan ka bar kujerarka ka koma kusa da matar.

Inda abin ke rikita mutane shi ne labarin da tauraro ke bayarwa da bakinshi, na yi kaza na je kaza. A ce Lauwali ne ke ba da labarin, shina cewa ba ni da wata mafita sai in ɓoye. Kai ba za ka rubuta ba shi da mafita ba, sai ka ce yana ganin ba shi da mafita, ko a cewarsa. Kuma kar ka yi amfani da "na" da "ni", mayar da su "ya" da "ta", kai mai kawo rahoto ne.

Mi ya sa kunka bar hunturu da mahaifinshi da makarantar allo da kofin shayi biyu? Ai su ne daɗin labarin.

Su ne daɗin, ba su ne ƙashin bayan ba. Cire asubar hunturu, labarin na nan tsaye. Cire makarantar allo, kalmar "amini" ta riga ta ɗauke nauyinta. Amma cire sayar da babur ka gani, nan take bashin ya koma bashin da ba ya cutar da kowa, ƙarshen labarin ma ya rasa nauyi. Shi ya sa babur ya shiga, shayi bai shiga ba. Yaron ma bai samu suna ba, ɗan Lauwali ya ishe shi, don sakin layi guda ba ya ɗaukar sunaye fiye da biyu ko uku ba tare da mai karatu ya hwara juya baya shina neman wane ne wane ba.

To ai zaɓen abin da zan saka da wanda zan bari shi ma ra'ayi ne, ko ba haka ba?

Haka ne, kuma ba zan ce maku akwai taƙaitawar da babu hannun mai ita ko kaɗan ba. Mutum na iya kauce ma duk kalmar hukunci amma shi karkatar da labari da abin da ya yi shiru a kai. Misali in ka bar faɗuwar farashi, Lauwali ya zama ɓarawo tsantsa wanda ya ɓoye kaya ba dalili. In kuma ka bar abin da ya faɗa ma Isa, ya zama manomi da tsautsayi ya faɗa ma wa. Duka biyun babu sifa ko ɗaya, duka biyun kuma son kai ne. Abin da za ka iya shi ne ka ba kowane sashe wuri gwargwadon wurin da marubucin ya ba shi, ka kuma tambayi kanka, in mai goyon bayan Lauwali da mai goyon bayan Isa sunka karanta sakin layin nan tare, dukansu za su ce e haka anka yi? In ɗaya zai ce an ɓoye wani abu, koma ka nemo shi.

In faɗi ƙarshen labari ko in bar shi don kar in ɓata ma mai karatu?

Faɗi. Barin mutum cikin zulumi aikin rubutun bayan littafi ne da masu tallar littafi a waya, "ko mi zai faru? ku biyo mu". Kai ba talla kake ba. Sai dai ka tsaya daidai inda marubucin ya tsaya. Ya tsaya a Isa bai zo ba, to nan za ka aje biro. Kar ka ce abotarsu ta mutu, kar ka ce sun shirya.

Darasin labari fa? A firamare an koya mana mu rufe da darasi.

An koya mana, kuma tatsuniya ta saba mana da haka, Gizo ya yi wayo ya sha kashi kowa ya san abin da anka nufa. Amma in tambaya ta ce taƙaita, darasi ba ya ciki, karin magana ma haka. Banda guda: in marubucin da kanshi ya rubuta darasin a ƙarshe, kana iya cewa marubucin ya rufe da gargaɗi kan kaza. Jigo ma tambaya ce daban. In an ce fito da jigo, nan ne za ka ce amana ko bashi ko abota, ka kawo hujja daga labarin. Kar ka gwama su in ba a ce ka gwama ba.

Sakin layin shi kai tsawon mi?

In an ba da adadin kalmomi, bi shi. In ba a bayar ba, jimla biyar zuwa bakwai sun isa gajeren labari, wajen kalmomi 100 zuwa 150. Kuma sakin layi guda ana nufin guda, ba jerin lambobi ba, ba kuma shafi cike da anka hana shi numfashi don a ce guda ne. Jimlar farko ta ɗauki sunan tauraro da wurin da matsalar. In aikin makaranta ne kan labarin da anka buga, saka sunan labarin da na marubucin a cikinta.

Labarin da anka ba mu ya hwaro daga ƙarshe ne sannan ya koma baya. Wane jeri zan bi?

Jera abubuwan yadda sunka faru a rayuwar taurarin, farko zuwa ƙarshe, ya fi sauƙin fahimta a ɗan wuri. In komawa bayan na da muhimmanci, rabin jimla ta isa, kamar ka ce labarin ya buɗe da Lauwali a majalisa yana tuna abin da ya faru. Amma kar ka ce wannan dabarar ta ƙayatar, ka shiga sharhin salo kenan.

Wanga tsarin shi ne na tambayar taƙaitawa a jarabawar Ingilishi ta WAEC da NECO?

Ba ɗaya ba ne, a kula. A can yawanci rubutun bayani ake bayarwa ba ƙagaggen labari ba, sai a ce kawo amsa cikin jimloli kaza, kowace da batunta, ba a sakin layi guda ba. Abin da sunka haɗu a kai shi ne cikakkiyar jimla, kalmominka na kanka, da barin duk abin da ba ya cikin rubutun. Don haka karanta umurnin tambayar kahin komi.

In rubuta da Hausarmu ta Sakkwato ko ta littafi?

A jarabawa da aikin aji, daidaitacciyar Hausa, shi ya sa kunka ga misalan da na bayar duk "suka" da "aka" ne ba "sunka" da "anka" ba. In kuma taƙaita ma abokai kake a waya don su san labarin kahin ku tattauna, rubuta yadda bakinka ya saba, ƙa'idar ra'ayin dai ba ta canzawa.

Na gama rubutawa, akwai abin da zan duba kahin in miƙa?

Miƙa ma wani wanda bai karanta labarin ba, ƙanenka ko abokin zamanka, shi karanta sakin layin, sannan ka yi mashi tambaya biyu. Ta farko, mi ya faru? In ya iya jero maka bashin da rudun da baburin da buhu 4 ɗin, ka isar. Ta biyu, a ganinka ni wa nike goyon baya cikinsu? In ya amsa nan take, ce mashi shi nuna maka kalmar da ta sa ya gane, yawanci za ka tarar wata "har" ce ko "kawai" ko "saboda" da ta sulale maka, sai ka goge ta ka sake ba wani daban shi karanta.